Hannun da Ke Ɗaukar Kofi a Cikin Labari

Marubuci kan rubuta cewa Ladidi ta ɗauki kofin shayi ta sha, ya wuce abinsa. Mai karatu bai ga hannu ba, bai ji nauyi ba. Gyaran yana farawa ne daga sanin inda fata ta taɓa abu.

A kofin tangaran, ɗan ali ne ke shiga mariƙin, babban yatsa ya danne sama, na tsakiya ya tokare ƙasa. Idan kofin silba ne mai shayi da zafi, ta baki ake kama shi da kan yatsu, domin jikinsa na ƙuna.

Shi kuwa nauyi, a jikin mai ɗauka ake nuna shi. Cikakken kofi a hankali yake tashi, wuyan hannu a ƙage, ido na kan shayin kada ya zube. Idan Ladidi ta zaci a cike yake alhali babu komai ciki, hannunta zai zabura sama, don ƙarfin da ta tanada ya fi nauyin.

Alamar kuskure ita ce kofin ya kai baki ba tare da komai ya motsa a jikinta ba. Kafin ka rubuta, ɗauki kofi ka kalli yatsunka.