Hoton Cikin Firam: Yadda Mai Ɗauka Zai Kawar da Inuwarsa Daga Gilashi

A gidaje da yawa akwai tsohon hoto rataye a bangon falo, na kaka ko na ranar auren iyaye, cikin firam mai gilashi. Ranar da aka tashi tura shi ga dangi, sai a ɗaga waya a ɗauka. Ana dubawa sai a ga hannun mai ɗauka da wayarsa da farar rigarsa sun kwanta a kan fuskar tsoho. Wasu sukan ce a zare hoton daga firam kawai, amma hoton da ya shekara talatin yana shan damshin damina yakan manne da gilashi, kuma ɓanɓaro shi yakan tafi da fatar hoton. Gara a bar shi yadda yake, a koyi ɗaukarsa ta bayan gilashin.

Kowace fuskar gilashi tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata kai tsaye. Gilashi kuwa fuska biyu gare shi, gaba da baya, don haka kusan kashi 8 ne ke dawowa. Wannan ɗan kason ba ya damun kowa sai in ɓangaren da kake tsaye ya fi abin da ke bayan gilashin haske. Shi ya sa da dare, in fitila na kunne a ɗaki, taga takan zama madubi. Shi ya sa kuma inuwar takan fi fitowa a wuraren hoton masu duhu, kamar gashi da gemu da baƙar hula. Abu na biyu: haske yana tashi daga gilashi a daidai karkatar da ya faɗo. Ma'ana, kyamara ba ta ganin kanta sai in ta fuskanci gilashin sak. Dabarun duka daga waɗannan biyun suke fitowa: ko ka duhunta kanka, ko ka kauce.

Mu ɗauki firam mai faɗin santimita 40 da tsawon 50. Sauke shi daga bango, a goge gilashin, a tsayar da shi a miƙe kan tebur. A kashe filashar waya da ƙwan ɗaki. Hasken da ake so shi ne na ƙofa ko taga da ke shigowa ta gefe, a karkace kamar digiri 45, domin irinsa in ya daki gilashi ɗaya gefen yake wucewa, ba ya dawowa idon kyamara.

Sai a nemo baƙin yadi mara sheƙi. Shadda ba ta yi ba, don tana ɗaukar ido. Baƙin auduga ko karan-miski ya fi. Girmansa yana da ƙa'ida: gilashi yana nuna wa kyamara fili ninkin girmansa biyu a daidai inda take tsaye, ko ta matso ko ta ja baya. Firam ɗinmu na bukatar yadi aƙalla santimita 80 a faɗi, mita ɗaya a tsawo, kuma ƙari ba ya ɓaci. A huda ɗan rami a tsakiya daidai idon kyamara, mutum biyu su riƙe yadin ta baya, ko a rataya shi a igiya. Waya tana bayan yadi, kimanin mita ɗaya da rabi daga firam, daidai tsakiyarsa, an kafe ta a kan abin da ba ya motsi. A jawo hoton da 2x maimakon matsowa, a sa agogon ɗauka na daƙiƙa 10 domin kada hannu ya girgiza ta. Yanzu abin da gilashin ke mayarwa baƙi ne, baƙi kuwa ba ya ƙara komai a kan hoto.

Kafin a danna, akwai gwaji mai sauƙi. Kana kallon fuskar waya, ka sa wani ya kaɗa hannu a gefen yadin. Duk abin da ya motsa a cikin firam inuwa ce, alamar yadin bai rufe ba. Bayan an ɗauka kuma, a buɗa wurin da ya fi duhu a hoton. In baƙar hula ta koma toka-toka, ko an ga ɗan zobe a tsakiya, to haske na dukan yadin ko bakin idon kyamara na ƙyalli, sai a gyara a sake.

In babu yadi, sai a kauce. Ka matsa gefe kamar santimita 60 daga tsakiyar firam, har ka wuce bakinsa. Inuwarka za ta fita, amma gilashin zai ɗauko abin da ke ɗaya gefen, don haka a tabbata can ɗin duhu ne, ba taga ba. Hoton zai ɗan karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo. Ana miƙe shi da Perspective a manhajar Snapseed. Akwai kuma PhotoScan da kamfanin Google ya fitar a 2016: tana sa ka kai waya kan ɗigo huɗu, ta haɗa hotunan ta zubar da ƙyallin da ya sauya wuri. In kuwa ta taga kake ɗaukar abin da ke waje, kamar a mota ko jirgi, ka kai idon kyamara dab da gilashin, ka kewaye shi da tafin hannu ko baƙin ƙyalle.

Masu sayen kayan hoto sukan ji an ce matacin haske da ake rubuta wa CPL shi ne maganin inuwar gilashi. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Yana aiki sosai ne in kyamara ta karkace kamar digiri 56 daga fuskantar gilashi kai tsaye, kusurwar da ake kira da sunan David Brewster, masani ɗan Sikotilan. In ka tsaya sak, ko ka yini kana juya shi ba zai rage komai ba, ga shi yana cin fiye da rabin haske. Tunda inuwarka ba ta fitowa sai ka tsaya sak, CPL maganin inuwar sama ne da ta titi a gilashin shago ko na mota, ba maganin taka ba.

To, in aikin gama ya gama, an ɗauka kuma babu halin komawa fa? Gyara a kwamfuta yana yiwuwa in inuwar ta faɗa wuri mara zane, kamar bango ko labule. A Photoshop, ka buɗe sabon shafi a kan hoton domin kada ka taɓa na asali, ka ɗauki Clone Stamp ka sa Sample a kan All Layers, ka danne Alt ka zaɓi wuri mai tsabta dab da inuwar, sannan ka shafa kaɗan-kaɗan da buroshi mai taushin baki. Ka riƙa sauya wurin da kake ɗebowa, in ba haka ba tabo ɗaya zai yi ta maimaituwa, kowa ya gane an taɓa. A waya, Healing na Snapseed yana yin makamancin haka ga ƙananan wurare.

Iyakar gyara ita ce fuska. Inuwa ba mayafi ba ce da za a yaye. Haskenta ya gauraya da na hoton a ɗigo ɗaya. Inda ƙyalli ya yi fari fat, abin da ke ƙasa bai shiga kyamara ba ko kaɗan, duk abin da aka cike wurin da shi ƙirƙira ce. Bango yana jure ƙirƙira, amma idon kakanka da zanen fuskarsa ba sa jurewa, domin jikokin da ba su riske shi ba da wannan hoton za su san kamanninsa. In inuwa ta hau fuska, kuma firam ɗin yana nan, a koma a shimfiɗa baƙin yadi a sake ɗauka.