Kafin Ka Ce "Akwai Tasiri", Sake Duba Teburin

Duk lokacin da zangon rubuta kundin kammala karatu ya zo, ɗalibai sukan kawo mini babi na huɗu in duba. A bara wata ɗaliba ta ajiye nata a gabana, ta ɗora yatsa a kan wata lamba ta ce, "Malam, ka ga 0.03 ne, bai kai 0.05 ba. Ke nan akwai tabbacin kashi 97 cikin ɗari cewa hasashena daidai ne." Lissafin da kwamfuta ta yi mata babu kuskure ko ɗaya a ciki. Matsalar tana wajen karatun, kuma na ga irin wannan karatu ya shiga rahotannin da ake yanke shawarar kuɗi da lafiyar mutane a kansu, shi ya sa abin yake damuna.

Lissafin da ake magana shi ne wanda ɗalibai ke kira rigireshin: a ja miƙaƙƙen layi ta tsakiyar bayanai don a ga yadda wani abu ke sauyawa tare da wani. Domin kowa ya iya gwadawa da hannunsa, bari mu ɗauki bayanan da ke zuwa a cikin manhajar R mai suna mtcars. Motoci 32 ne da mujallar Motor Trend ta Amurka ta kawo bayanansu a 1974: mil nawa kowace ke yi da galan ɗaya na fetur (mpg), nauyinta (wt), da ƙarfin injinta (hp).

```
summary(lm(mpg ~ wt + hp, data = mtcars))

            Estimate Std. Error t value Pr(>|t|)
(Intercept) 37.22727    1.59879  23.285  < 2e-16
wt          -3.87783    0.63273  -6.129 1.12e-06
hp          -0.03177    0.00903  -3.519  0.00145
```

Abu na farko da nake sa ɗalibi ya yi shi ne ya faɗi lambar da ke ƙarƙashin Estimate da baki, cikin cikakkiyar jimla, tare da ma'auninta. A nan ana auna nauyi ne da fam dubu-dubu, wato kimanin kilo 454. Saboda haka -3.88 na nufin: idan aka ɗauki motoci biyu masu ƙarfin inji ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya nauyi da fam dubu, to mai nauyin kan yi ƙasa da 'yar uwarta da kimanin mil 3.9 a kowane galan. Wanda ya ce "duk kilo ɗaya" ya ninka alaƙar sama da sau ɗari huɗu bai sani ba.

"Masu ƙarfin inji ɗaya" ɗin nan ba ado ba ne. Cire hp daga lissafin, ka bar nauyi shi kaɗai, sai lambar ta koma -5.34. Motocin ba su sauya ba, tambayar ce ta sauya. Manyan motoci galibi su ne masu manyan injuna, don haka idan nauyi yana shi kaɗai sai ya kwashe nasa kason ya haɗa da na inji. Duk wanda ya kawo maka irin wannan lamba bai faɗi abokan zamanta a cikin lissafin ba, rabin zance ya ba ka.

Haka kuma kada ƙanƙantar -0.032 ta sa ka raina ƙarfin inji. Ana auna shi ne da ƙarfin doki ɗaya-ɗaya, kuma motocin sun kama daga doki 52 zuwa 335. Bambancin doki ɗari ya kai mil 3.2 a galan, kusan daidai da na fam dubu. Ita kuwa 37.2 ta sama, hasashe ne na motar da ba ta da nauyi ba ta da inji. Layin yana buƙatarta don ya tsaya, amma ba abin fassarawa ba ce.

Yanzu sai lambar da ta ruɗi ɗalibata, ƙimar p, wadda ke ginshiƙin ƙarshe. Ga hanyar da ake bi a same ta. A raba Estimate da Std. Error, wanda ke nuna yawan rawar da lambar za ta iya yi in da wasu motocin aka ɗebo: 0.03177 a raba da 0.00903 ya ba da kusan 3.52, daidai da abin da ke kan allo. Wannan rabawar ita ce gwaji mafi sauƙi na gane ko an yi kuskuren kwafe tebur. Ita kuma 0.00145 amsa ce ga tambaya guda ɗaya tak: a ce a gaskiya ƙarfin inji ba shi da wata alaƙa da shan mai a tsakanin motoci masu nauyi ɗaya, kuma sharuɗɗan lissafin sun cika, sau nawa za a ci karo da sakamakon da ya yi nisa da sifili haka ko fiye? Kusan sau 3 cikin 2,000. Lissafin ya fara ne da ƙaddara cewa babu alaƙa, don haka ba zai juyo ya gaya maka kashi nawa ne hasashenka yake gaskiya ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kan wannan fassarar. Shi kansa 0.05 ɗin al'ada ce da ta yaɗu daga littafin Ronald Fisher na 1925.

Kuskuren yana da ɗan uwa. Ƙara yawan silinda (cyl) a cikin lissafin, nan take ƙimar p ta hp ta tashi zuwa 0.14. Mai gaggawa zai rubuta cewa ƙarfin inji ba shi da tasiri. Abin da ya faru shi ne silinda da ƙarfin inji tafiyarsu ɗaya, motoci 32 kuma ba su isa a raba gardama tsakaninsu ba. Rashin isasshiyar shaida daban, shaidar rashi daban. Shi ya sa na fi son a kawo tazarar amincewa, wadda confint() ke bayarwa. A lissafinmu na farko, ta nauyi ta kama daga -5.17 zuwa -2.58, mai karatu ya ga girman abin da kuma iyakar saninmu a kansa.

Saura sharaɗin da aka fi tsallakewa: shin alaƙar miƙaƙƙiya ce? Toyota Corolla, ƙaramar mota, layin ya yi mata hasashen mil 28, alhali tana yin 33.9. Chrysler Imperial, ƙatuwa, an yi mata hasashen 9.2, tana yin 14.7. Ta wannan baki da ta wancan duk sun haura layi, na tsakiya da yawa kuma suna ƙasansa. Alama ce ta cewa alaƙar tana da lanƙwasa, kuma plot() zai nuna maka ita cikin daƙiƙa. Sannan ba wanda ya ɗauki mota ɗaya ya ƙara mata nauyi ya auna. Motoci daban-daban aka kwatanta, ba kuma ta hanyar ƙuri'a aka zaɓo su ba. Don haka "yana tafiya tare da" ya fi "yana haddasa" dacewa a rubutu.

Ɗalibata ta koma ta gyara jimlarta, ta sa ma'auni, ta ambaci sauran abubuwan da ke cikin lissafin, ta cire kashi 97. Malamai masu duba kundi, don Allah kada mu tsaya ga neman taurarin da ke gefen tebur. A sa ɗalibi ya karanta layi ɗaya da bakinsa kafin a sa masa hannu.