Saƙon Farko Ga Abokin Musayar Harshe: Fara'a Ba Tare Da Shisshigi Ba

A manhajojin musayar harshe irin su Tandem ta Jamus da HelloTalk ta Shenzhen a ƙasar Sin, tsarin ba shi da wuya. Kowa yana rubuta harshen da ya iya da wanda yake son koyo, manhajar ta nuna masa mutanen da buƙatarsu ta dace da tasa, sai ya zaɓi ɗaya ya tura masa saƙo. Ba makaranta ba ce, ba kuma a biyan malami. Ka koya mini naka, in koya maka nawa. A saƙon farkon nan ne yawancin mutanenmu suke tuntuɓe, alhali ba ladabi suka rasa ba. Ladabin gida suke ɗauka su kai wa wanda bai san ma'anarsa ba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗalibi a Kano, mu kira shi Sani, yana koyon Faransanci saboda yana son aiki da wata ƙungiya da ke da ofis a Yamai. Ya yi sa'a ya ga wata ɗaliba a Faris da ke koyon Hausa. Irinsu ba su da yawa, amma akwai su, domin ana koyar da Hausa a cibiyar INALCO ta Faris, kamar yadda ake yi a jami'o'in Hamburg da Warsaw. A shafinta ta rubuta cewa tana shekara ta biyu, tana sauraron sashen Hausa na RFI, kuma karin sauti yana ba ta wahala.

Abin da zuciyar Sani za ta fara raya masa ya rubuta, idan muka mayar da shi Hausa, shi ne: "Barka da yamma 'yar'uwata abar ƙauna. Ya gida, ya iyali, ya su Mama? Da fatan kin ci abinci. Gaskiya hotonki ya yi kyau. Ki ba ni lambarki mu riƙa magana a WhatsApp." Babu kalma ɗaya ta rashin kunya a ciki, kuma mai yiyuwa ne babu wata mummunar niyya a ransa. Amma da wuya ya sami amsa.

Dalilin yana cikin yadda gaisuwa take aiki. A wajenmu, "ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali" ba bincike ba ne. Amsoshin a shirye suke: lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya. Ba wanda zai tsaya ya ba ka labarin ciwon ƙafar mahaifiyarsa don ka ce ya mutanen gida. Bafaranshiyar da ta karanta tambayar a harshenta kuwa ba ta da wannan amsa ta al'ada. Tambaya ce ta gaske ta gani, daga baƙon da bai taɓa ganinta ba, game da uwarta da abin da ta ci. A can, wanda ya san danginka shi ne yake tambayar lafiyarsu. Ke nan Sani ya zauna a kujerar tsohon aboki tun ba a ce masa bismilla ba.

Kiran "'yar'uwata" ma haka yake. Mu kan ce yaya, ƙanwata, baba, inna ga mutanen da ba mu haɗa jini da su ba, kuma girmamawa ce. Idan aka juya shi zuwa Faransanci ko Turanci aka ƙara masa "abar ƙauna", sai ya koma kalaman masu neman soyayya. Akwai kuma wani nauyi da ya kamata a faɗa ƙarara, ko da ba daɗin ji. Saƙonnin damfarar da aka sani da 419, lambar sashen dokar laifuka ta Najeriya da ta yi magana a kan zamba, sun shafe shekaru suna yawo a duniya, kuma salonsu sananne ne: zaƙin baki tun daga layin farko, yabon hoto, sai gaggawar a bar inda aka haɗu a koma wata manhaja. Mace da ta daɗe a irin waɗannan manhajoji ta ga wannan jerin sau ba adadi. Sani bai yi zamba ba, amma saƙonsa ya biyo sawun nasu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta da hanyar bambancewa. Neman lamba shi ya fi muni, domin cikin manhajar tana iya toshe mutum ko ta kai ƙararsa ba tare da ya san komai nata ba, lambar waya kuwa idan ta fita ta fita.

Wasu da suka gane haka sai su faɗa ɗaya ramin, su tura "Salut" kawai, ko ɗan hoton hannu mai ɗagawa. Wannan bai ɓata wa kowa rai ba, sai dai ya ɗora wa wanda aka tura wa aikin ƙirƙiro hira, kuma mai saƙonni goma sha a gabansa ba zai yi ba.

A ganina, fara'ar saƙon farko tana fitowa ne daga nuna cewa ka karanta abin da mutumin ya rubuta game da kansa. Abin da ya sa a shafinsa da hannunsa, ya yarda a yi magana a kai. Abin da bai sa ba, kamar aure, shekaru, addini, unguwar da yake zaune, sai ya kawo shi da kansa. Da wannan ma'auni, ga yadda saƙon Sani zai iya kasancewa. Ya buɗe da layi ɗaya na Hausa, "Sannu Malama, barka da yamma," sauran kuma ya rubuta da Faransanci daidai ƙarfinsa:

"Sunana Sani, daga Kano nake, Hausa ce harshena na gida. Ina koyon Faransanci saboda aiki, ina iya karatu amma magana tana yi mini wuya. Na ga kin ce karin sauti yana ba ki wahala, kuma kina sauraron RFI Hausa. Zan iya taimaka miki da furuci idan kina so, ke kuma ki gyara mini rubutuna. Wane shiri kika fi saurare?"

Jimla biyar ne bayan gaisuwa. Ta san ko shi wane ne, me ya kawo shi, me zai ba ta, me yake so. Tambaya ɗaya ce tak a ƙarshe, wadda za ta iya amsawa cikin layi guda tana tsaye a tashar jirgin ƙasa, kuma amsar ba ta tona komai na rayuwarta. "Idan kina so" ɗin nan yana da aiki: ya bar mata ƙofar cewa a'a ba tare da jin nauyi ba.

Gaisuwar Hausar ta layin farko ba ado ba ce. Ga mai koyon Hausa, ganin "barka da yamma" daga bakin mai harshen kyauta ce, kuma ta san amsarta daga aji. "Malama" kuma ta yi daidai: akwai girmamawa, babu da'awar zumunta. Doguwar gaisuwar nan da ta zama matsala a Faransanci za ta iya dawowa daga baya a matsayin darasi, ranar da Sani zai bayyana mata cewa idan an ce mata "ina gajiya" ba a jiran ta lissafa ayyukan da ta yi.

Sai batun tu da vous, wanda ba a iya kauce masa a Faransanci, domin dole ka zaɓi ɗaya tun a jimlar farko da ka fuskanci mutum. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tunda mu ma mukan ce wa babba "ku" maimakon "kai". Ɗalibai sa'o'in juna a waɗannan manhajoji sukan yi amfani da tu kai tsaye, kuma ba a ɗauka raini ba ne. Amma idan mutum ya girme ka, ko ba ka iya ƙiyasta shekarunsa ba, ko shafinsa ya nuna malami ne ko ma'aikaci, fara da vous. Kuskuren da ke cikin yawan girmamawa mai sauƙin gyara ne: shi da kansa zai rubuto "on peut se tutoyer", wato mu bar ku-ku ɗin nan. Idan kuwa ka fara da tu ya amsa maka da vous, ya gaya maka a fakaice cewa ka matso da yawa, sai ka koma vous a saƙo na gaba ba tare da dogon ban haƙuri ba. A rufe saƙo ma a guji "bisous", sumba ce ta tsakanin abokai na kusa da dangi. "Bonne soirée" ta isa.

Sani zai ga kurakurai a Hausar da ta rubuta a shafinta, wataƙila ta sa "kai" inda ya kamata "ke", ko ta bar ƙugiyar ƙ da ɗ. Ya riƙe su tukuna. Gyaran da ba a nema ba a saƙon farko wani nau'in shisshigi ne, ko da manhajar tana da maɓallin gyara. Haka saƙon murya da kiran bidiyo: muryar baƙo a kunne ta fi rubutu kusanci, shi ya sa ake tambaya kafin a tura. Lokaci kuma ya yi masa sauƙi a wannan misalin, domin agogon Kano da na Faris ɗaya ne a lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne kawai Faris take gaba da awa ɗaya. Duk da haka saƙon farko da ya shigo ƙarfe ɗaya na dare yana da wata fassara da ba ya so.

Amsar da ta zo ita ce za ta nuna masa inda yake. Idan ta amsa tambayar, ta ƙara wani abu nata, ta kuma jefo masa tambaya, hira ta kama. Idan ta ce "merci" ta tsaya, ko ta amsa batun harshe ta tsallake wani abu da ya faɗa, to abin da ta tsallake ɗin kada ya sake tayar da shi. Tsawon saƙonsa ya riƙa bin tsawon nata: layi biyu ba a mayar masa da shafi guda.

Shiru kuwa ba lallai laifinsa ba ne. Mutane da yawa sun buɗe shafi sun manta da shi, wasu kuma sun riga sun sami abokan da suka ishe su. Bayan kamar mako guda zai iya sake tura layi ɗaya mai ɗauke da sabon abu, misali karin magana mai sauƙi da fassararta, ya ce ya ga za ta yi mata amfani. Alamar tambaya tsirara, ko "kin yi shiru", ko "na yi miki laifi ne", duk suna nuna kamar tana da bashin amsa a kanta, alhali ba ta ci komai nasa ba. Idan na biyun ma bai sami amsa ba, ya nemi wani. Masu koyon Hausa kaɗan ne, amma idan Sani ya iya Turanci ya sa shi a shafinsa, zai tarar da masu Faransanci da yawa da ke nemansa, daga Lyon har Dakar da Abijan.