Yadda Ake Gano Yawan Ƙarfe a Ƙwayar Maganin Ƙarin Jini

Yawancin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu a wurin awo suna ɗauke da sinadarin ƙarfe. Wata sananniyar ƙwaya takan zo da rubutu a kwalinta cewa tana da miligiram 200 na busasshen feros salfet, wanda ya yi daidai da kimanin miligiram 65 na ƙarfe zalla. To, ta yaya za a tabbatar da wannan? Wata tsohuwar hanya da masu ilimin sinadarai ke bi ita ce awo da fotasiyam famanganet, KMnO₄, wani sinadari da ke mayar da ruwa shunayya mai duhu.

Ƙarfen da ke cikin ƙwayar nau'in Fe²⁺ ne. Idan famanganet ya haɗu da shi a cikin asid, sai ya mayar da shi Fe³⁺, shi kuma launinsa ya ɓace nan take:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Abin riƙewa a nan shi ne, famanganet ɗaya yana cinye ƙarfe biyar. A kan wannan duk lissafin ya rataya.

Mu ɗauki misali. An auna ƙwayoyi biyar, nauyinsu ya kai giram 2.00. Sai a daka su a ɗan turmin tangaran, a narkar da garin a cikin salfurik asid mai rauni, a tace alli da sauran tarkacen da ba sa narkewa. A ɗauraye turmin da matatar a haɗa, don kada ƙarfe ya salwanta. Daga nan a cika ruwan zuwa mililita 250 daidai, a girgiza, a ɗebi mililita 25.0 a zuba a kwalba, a ƙara asid.

Famanganet kuwa yana cikin buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasa. Ƙarfinsa mol 0.00500 ne a kowace lita; mol shi ne ma'aunin da ake ƙirga ƙwayoyin sinadari da shi. Mai awo yana ɗigawa yana juya kwalbar. Da farko, ɗigon shunayya na taɓa ruwan sai ya ɓace. Can kusa da ƙarshe, launin yakan ɗan daɗe kafin ya washe, sai a koma ɗigo ɗai-ɗai. Da zarar ruwan ya zama ruwan hoda mai haske, ya kuma tsaya haka na kimanin daƙiƙa 30, ƙarfe ya ƙare. Ana ɗora kwalbar a kan farin tayil domin ido ya kama wannan sauyi. Akan maimaita har sai an sami awo biyu da bambancinsu bai wuce mililita 0.10 ba.

A ce an yi amfani da mililita 23.20, wato lita 0.02320. A ninka ta da 0.00500, sai a sami mol 0.000116 na famanganet. Tunda kowane ɗaya ya cinye biyar, ƙarfen da ke kwalbar mol 0.00058 ne. Amma kashi ɗaya cikin goma na ruwan kawai aka ɗiba, saboda haka ƙwayoyin biyar suna da mol 0.0058. Nauyin mol ɗaya na ƙarfe giram 55.8 ne, don haka an sami giram 0.324. A raba shi da giram 2.00, a ninka da 100: ƙarfe ya zama kashi 16.2 cikin ɗari na nauyin ƙwayar. Kowace ƙwaya ke nan tana da kusan miligiram 65, kamar yadda kwalin ya faɗa. Wanda ya manta ninkawa da goma zai ga kashi 1.6, ya ɗora wa maganin laifin da ba nasa ba.

Kura-kurai ma suna da alamunsu. Idan ruwan ya yi duhu-duhu, launin ƙasa, asid ne bai isa ba, sai a sake awon. Idan aka bar ruwan ya kwana a buɗe, iska takan mayar da wani ɓangare na ƙarfen Fe³⁺ tun kafin awo, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Idan aka sa haidirokilorik asid a madadin salfurik, famanganet zai ci wani abu daga cikinsa, adadin ya haura.

Babbar iyakar hanyar ita ce famanganet ba ya tantance abin da yake ci. Ƙwayar da aka haɗa da bitamin C, ko mai feros fumaret, za ta sha famanganet fiye da kima, ta nuna ƙarfen da babu shi. Shi ya sa mai awo yake fara karanta abubuwan da aka haɗa ƙwayar da su. Idan ya ga irin waɗannan, sai ya nemi wata hanyar awo.