Firizar dubu 400 da ake biya dubu 490: lissafin da ba a yi a bakin shago

A watan Nuwamba na 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin 100, 'yan kasuwa da masu masana'antu sun yi ta kuka cewa babu sana'ar da za ta iya ɗaukar bashi mai tsada haka ta rayu. Gaskiyarsu ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a daidai wannan lokaci malamin makaranta da matar aure mai sana'ar ƙanƙara suna shiga shagon kayan lantarki su karɓi firiza ko talabijin ko gado da katifa a kan biya kaɗan-kaɗan, su sa hannu a kan ƙarin da ya ninka na bankin sau uku ko fiye, kuma su fito suna yi wa mai shago godiya. Ba wanda ya yi musu kuka, su ma ba su yi wa kansu ba, domin ba su san abin da suka biya ba.

Kowa ya san abin da ya tura mutane ga wannan hanya. Tun cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a wata mai bi masa, kayan da ake shigowa da su suka fi ƙarfin albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai kai rubu'in kuɗin firiza mai kyau ba. Ba sai na tsaya a nan ba. Talauci yana bayyana dalilin da ya sa mutum ya ci bashi, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa yake karɓar kowane farashi ba tare da tayi ba. Mutumin da zai yi rabin sa'a a Sabon Gari yana neman ragin dubu biyar, shi ne kuma zai amince da ƙarin dubu tamanin ko ƙiftawa bai yi ba. A ganina asalin matsalar tana cikin yadda ake faɗin farashin.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. Firiza ce, kuɗi hannu naira 400,000. Mai shago ya ce, "Hajiya, ki ba da kafin alƙalami dubu 120, sai ki riƙa kawo dubu 60 duk wata har wata shida. Kashi ashirin kawai muka ɗora." Idan aka haɗa, 120,000 da 360,000 sun zama 480,000, ƙarin ya kama 80,000, kuma lalle 80,000 kashi 20 ne na 400,000. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ya auna ƙarin ne da kuɗin da ba duka ya ranta mata ba. Dubu 120 ta ajiye su a kan teburinsa tun ranar farko, don haka bashin da ke kanta 280,000 ne. Ƙarin 80,000 a kan 280,000 ya haura kashi 28, kuma a cikin rabin shekara.

Lissafin bai ƙare a nan ba, kuma wannan gaɓar ce mutane suka fi tsallakewa. Hajiya ba ta riƙe 280,000 ɗin har tsawon wata shida ba. A wata na farko ne kawai duka bashin yake kanta. Daga nan duk wata tana rage kashi ɗaya cikin shida na uwar kuɗin, har ya zamana a watan ƙarshe abin da ya rage bai kai 47,000 ba. Idan aka daidaita watannin shida, matsakaicin abin da ke hannunta na mai shago wajen 163,000 ne. To a kan wannan ne ta biya 80,000, wato kusan rabinsa a wata shida, wajen kashi 8 kowane wata. A shekara abin ya haura kashi 90, tun kafin a yi maganar ruwa a kan ruwa. Wannan shi ne "kashi ashirin kawai".

Duk wanda yake da waya mai kalkuleta zai iya yin wannan a tsaye. Ya cire kafin alƙalami daga farashin kuɗi hannu ya ga ainihin bashin. Ya haɗa duk abin da zai biya nan gaba, ya cire bashin, ya ga ƙarin. Sannan ya auna ƙarin da ɗan fiye da rabin bashin, tunda biyan yana tafiya yana rage shi, ya raba sakamakon da yawan watanni. Amsar ba za ta zo daidai da ta akanta ba, amma ba za ta yi nisa da ita ba.

Har yanzu kuma na yi wa mai shago sassauci, domin na karɓi 400,000 a matsayin farashin gaskiya. A kasuwanninmu farashin farko ba shi ne na sallamawa ba. Wanda ya zo da kuɗinsa a aljihu, ya yi tayi aka ce albarka, ya juya kamar zai tafi, yana iya ɗaukar firizar nan a 370,000. Mai neman lamuni ba shi da wannan bakin. Yana jin kamar alfarma ake yi masa, kuma kunya ba za ta bar shi ya nemi ragi ba. A ƙara da kuɗin fom, a ce dubu goma, da ake karɓa ranar farko. Yanzu Hajiya ta biya 490,000 a kan kayan 370,000. Abin da ta ajiye a ranar farko 130,000 ne, saura 240,000, kuma a kansu za ta biya 360,000. Ƙarin ya koma 120,000, wajen kashi 13 a wata. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi a rasit ɗinta. Abin da ta riƙe a kai shi ne dubu sittin, domin shi ne lambar da za ta iya gwadawa da abin da ke shigo mata.

Akwai wani abu da ya ƙara kwantar wa mutane hankali. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. A kan irin wannan tushe ne bankuna kamar Jaiz suke gudanar da murabaha. Matsalar ita ce da yawa sun ɗauki halaccin ciniki a matsayin shaidar araharsa, da zarar an ce ba riba ba ce sai su ajiye kalkuleta. Hukuncin bai ce ƙarin kaɗan ne ba, kuma bai hana mai saye tayi ba. Abin mamaki ma, wannan matsaya ta 1990 ta hana a ɗora wa wanda ya makara biya wani ƙari, amma tarar makara tana nan a takardun yarjejeniya da yawa, kuma ba kasafai masu kafa hujja da rabin farko na fatawar suke tuna rabin na biyu ba.

Masu kare tsarin suna da hujja, ba zan ce babu ba. Mai shago zai ce jarinsa ne ya kwanta, kuma kafin kuɗin su dawo kwali ɗaya ya tashi a wurin dila. Wasu kuma sukan gudu da kaya, dole masu biya su ɗauki nauyin marasa biya. Mai saye kuma zai ce wanda ya karɓi kaya a tsakiyar 2023, kafin dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa wajen 1,500 a farkon 2024, ya ci riba ko nawa aka ɗora masa. Haka ne, amma wannan faɗuwar naira ce ta lokaci guda, ba abin da za a gina lissafin kowace shekara a kai ba. Ko hauhawar farashi ta Disamba 2024, da ta kai kashi 34.8 a shekara, ba ta wuce kashi biyu da rabi a wata ba. Wanda yake biyan kashi 8 ko 13 a wata don ya tsere wa kashi biyu da rabi, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne a ajiye lamunin kusa da adashe. Hajiyar nan tana da 120,000 a hannu, kuma tana iya fitar da 60,000 duk wata, in ba haka ba ai ba za ta sa hannu ba. Da ta riƙa tara su, a ƙarshen wata na biyar tana da 420,000. Ko da firizar ta yi ta tashi da kashi biyu da rabi kowane wata, a wata na shida kuɗinta wajen 464,000 ne, ita kuma tana da 480,000, ga damar tayi a hannunta. In kuwa adashe ta shiga ta samu kwasa da wuri, jiran ma ya ragu. Ashe abin da ta saya da ƙarin shi ne amfani da firizar wata biyar ko shida kafin lokaci. A misalin farko, idan farashi bai motsa ba, hayar kowane wata dubu 16 ke nan.

Wannan lamba ce ya kamata ta yanke hukunci. Idan firizar za ta yi ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a watannin zafi, a unguwar da wuta ke zama, har ribar ta wuce dubu 16 a wata bayan an cire kuɗin wuta da leda da sukari, lamunin ya biya kansa. Haka keken ɗinki a hannun telan da aiki ke jiransa gabanin Salla. Amma kujerun falo da talabijin da kayan ɗakin amarya ba sa kawo ko kwabo, kuma a nan ne tsarin ya fi cin mutane, saboda ranar biki ba ta jira kuma idon dangi yana kan gado da sif. Uba kan karɓi saiti a wannan shago, firji a wancan, kowanne da nasa ɗan biyan da ake gani ƙarami ne, sai albashi ya shigo ya tarar an riga an raba shi. Daga nan ake fara cin wani bashin don a biya wannan.

Idan biya ya tsaya, asarar takan fi yadda aka zata. A ce Hajiya ta biya wata uku ta gaza. Ta riga ta zuba 300,000, ana bin ta 180,000. Idan yarjejeniyar ta ce kayan na mai shago ne har sai an gama biya, zai zo ya ɗauke, kuma sau da yawa takardar ba ta faɗi ko za a mayar mata da wani abu ba. In ita ce za ta sayar ta biya, firizar da aka yi amfani da ita ba za ta koma farashin sabuwa ba. Wanda ya tsaya mata kuwa, ƙani ko abokin aikin miji, shi za a fara bugawa waya, zumunci ya shiga cikin bashin. Masu sayar da waya a kan lamuni sun ma huta da bin gida, daga nesa suke kulle ta ranar da aka makara.

Gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 don faɗaɗa irin wannan bashi ga ma'aikata, kuma akwai hukumar FCCPC mai kula da haƙƙin masu saye. Faɗaɗa bashi ba zai taimaki kowa ba muddin shago yana iya faɗin kashi ashirin a inda abin ya haura casa'in. Abu mafi sauƙi da hukuma za ta iya tilastawa shi ne a rubuta farashin kuɗi hannu, da jimillar abin da za a biya, da ƙarin kowane wata a kan ainihin bashin, a takarda ɗaya kafin a sa hannu. Kafin a kai ga haka, akwai tambayar da ke fito da gaskiyar kowace yarjejeniya: idan na kawo sauran kuɗin duka a wata na biyu, nawa za a rage mini? A misalinmu, bayan biya biyu saura 240,000 a takarda, alhali ainihin bashin da ya rage bai wuce kusan 200,000 ba. Mai shagon da ya ce sai an cika 240,000 ɗin yana karɓar kuɗin jiran wata huɗu da bai yi ba.