EDP, EDT, Kolon Ko Turaren Mai: Me Ke Cikin Kwalbar?

Kwalabe biyu, suna ɗaya, girma ɗaya, amma kuɗinsu ya bambanta. Kafin ka zargi mai shago, duba ƙananan haruffan da ke jikin kwalin. Su ne ke nuna yawan ainihin man ƙamshin da aka zuba, domin turaren fesawa akasarinsa alkohol ne da ɗan ruwa.

Mu ɗauki kwalba mai mililita 100. In an rubuta EDP, man ƙamshin yakan kai mililita 15 zuwa 20, kuma wanda aka fesa da safe yana iya kai mutum la'asar. EDT yakan ɗauki 5 zuwa 15. Yana tashi da ƙarfi a farko saboda alkohol ya fi yawa, amma kafin azahar ya fara sanyi. Kolon, wato EDC, bai cika wuce 2 zuwa 5 ba. Johann Maria Farina ne ya fara haɗa shi a birnin Kolon na Jamus a 1709, da man ɓawon lemo iri-iri, kuma ƙamshin lemo ba ya daɗewa. Awa biyu ya tafi. Ba algus ba ne, haka aka yi shi, don wartsakewa bayan wanka.

Turaren mai kuwa hanyarsa daban. Babu alkohol a ciki, an narkar da ƙamshin ne a wani mai mara wari. Tunda babu abin da zai ɗaga shi cikin iska da sauri, sai ya lafe a fata yana fita sannu a hankali. Shi ya sa wanda ya fesa EDT zai cika ɗaki da ƙamshi yana shigowa, mai almiski kuma sai ka miƙa masa hannu ka ji, alhali nasa ne zai kai dare. Daɗewa daban, tashi daban, kuma nan ne yawancin sababbin masu saye ke ruɗewa. A kula dai, mai yana barin tabo a farar shadda, don haka a wuyan hannu da bayan kunne ake shafa shi.

Waɗannan alƙaluma al'adar masana'antu ce, ba doka ba. EDT mai sandal ko ud yana iya daɗewa fiye da EDP mai lemo, domin ƙamshin itace ya fi nauyi. Fata ma tana da nata: lokacin hunturu, busasshiyar fata ba ta riƙe turare, sai an fara shafa mai mara ƙamshi.

A ganina, kada ka biya kuɗi a kan fesawar farko. Fesa a wuyan hannu, ka zaga kasuwa na rabin awa. In ka daina ji, tambayi na kusa da kai kafin ka ce ya gudu, domin hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikin mai shi.