Lissafin Sanda: Ina Lita 150 Suka Shiga?

A yau za mu leƙa gidan mai ne, irin waɗanda ke kan hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, mu ga yadda manaja ke gane ko mai ya ɓata.

Da sassafe, kafin a kunna famfo, ana zura doguwar sanda cikin tankin ƙasa. Inda mai ya jiƙa ta, sai a duba takardar awon tankin, a mai da santimita zuwa lita. Kowane tanki da takardarsa.

Mu ɗauka an samu lita 8,000. Da rana tanka ta sauke 11,000, jimla 19,000 ke nan. Mitar famfo ta nuna an sayar da 6,500. To, a takarda ya kamata a rage 12,500. Amma da aka zura sanda da dare, sai aka ga 12,350. Ina lita 150?

Kar ka yi saurin cewa yaron famfo ɓarawo ne. Man da aka sauke da zafinsa yakan tsuke idan ya huce. Wataƙila kuma tankar ce ta zo da giɓi. Shi ya sa ake aunawa kafin sauke mai, a sake aunawa bayan ya lafa.

Giɓin kwana ɗaya ba hujja ba ce. Amma idan kullum ƙasa yake yi, a gwada famfo da ma'aunin lita 20. In famfo lafiya lau, a rufe tankin dare guda, a auna da safe. Ya ragu? To, tanki na yoyo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.